Yadda riƙe dubu 800 ya kusa janyo wa ƙungiyar gama-kai biyan miliyan 42 a lokaci ɗaya

Ƙungiyar gama-kai tana iya biyan bankinta kowane wata ba fashi, ba ta taɓa makara ko da kwana ɗaya ba, amma a idon takardar da ta sa wa hannu ta riga ta saɓa yarjejeniya, har banki ya sami ikon neman kuɗinsa gaba ɗaya. Abin da ke jawo haka wani sharaɗi ne da ake sakawa a takardun rance, mai suna cross default da Turanci, wanda yake ɗaure basussukan mai karɓar rance wuri ɗaya: in ka gaza a bashin wani, to ka gaza a namu ma. Zan bi labarin wani ma'aji da ya ci karo da wannan sharaɗi bayan an daɗe da sa hannu. Alƙaluman da ke ciki na misali ne, an daidaita su don lissafin ya fito sarai.

Ƙungiyar ta manoma ce, tana sayen amfanin gonar mambobinta, ta adana, ta sarrafa, sannan ta sayar. Basussuka uku ne a kanta, ko da yake in ka tambayi 'yan kwamiti za su ce maka ɗaya ne. Na farko shi ne babban rancen banki. An amince musu da miliyan 80, suka karɓi miliyan 60 suka gina rumbun ajiya suka kafa injin, a kan za su biya cikin shekara biyar, miliyan ɗaya kowane wata ban da kuɗin ruwa. Sauran miliyan 20 aka bar musu sai lokacin sayen kaya su nema. Sun biya wata 18 cif, saura miliyan 42. Na biyu babbar mota ce da suka karɓa a hannun wani kamfani a kan biya kashi-kashi, dubu 400 a wata, saura wata 12, wato miliyan 4 da dubu 800. Na uku kuwa ba su karɓi ko sisi ba, sun dai tsaya wa wani ƙaramin rukunin mambobinsu ne da ya ci rancen miliyan 3 a wani ƙaramin banki.

Sai motar ta lalace. Aka yi ta ja-in-ja da kamfanin a kan wanda gyara ya hau kansa, har shugaban ƙungiya ya ba da umarni a dakatar da biya sai sun zo sun gyara. Kowa a kwamitin ya ga dacewar haka, domin ba ka biyan haya a kan motar da ke kwance. Wata biyu suka wuce, aka riƙe dubu 800.

Ana cikin haka lokacin sayen kaya ya gabato, ma'aji ya karɓo fom ɗin neman ragowar miliyan 20. Fom ne mai shafi ɗaya. A ƙasansa, dab da inda shi da shugaba za su sa hannu, akwai layi biyu da ke cewa masu sa hannu sun tabbatar babu wata saɓawa da ke gudana a ƙarƙashin yarjejeniyar, kuma babu wani abu da ya faru wanda zai iya zama saɓawa. Mutane da yawa da sun sa hannu sun wuce, tunda ba a taɓa fashin biya ba. Shi kuwa sai ya tsaya ya tambayi kansa me bankin yake nufi da saɓawa, kuma ina aka rubuta ma'anarta.

Takardar da kwamiti ya karanta a taro kafin a ci rancen wasiƙar tayi ce mai shafi uku: adadin kuɗi, kuɗin ruwa, wa'adi, jingina. A ƙarshenta akwai jimla ɗaya da ke cewa tayin yana ƙarƙashin sharuɗɗan cikakkiyar yarjejeniyar rance. Wannan cikakkiyar yarjejeniya mai shafi arba'in da wani abu an sa mata hannu a ofishin banki a rana ɗaya da takardun jingina, aka kawo ta aka sa a kabad. Ma'aji ya ciro ta. A shafi na 31 ya sami jerin abubuwa goma sha huɗu da kowannensu yake zama saɓawa. Na farko rashin biyan bankin ne, wanda kowa ya sani. Na biyar shi ne ya sa ya ajiye biro.

Ɓoyuwar wannan sharaɗi ba ta ƙananan haruffa ba ce. Rubutunsa daidai yake da na sauran. Abin da ya ɓoye shi shi ne an warwatsa shi wuri uku masu nisa da juna, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke tayar da hankali in an karanta shi shi kaɗai. Ma'anar kalmar bashi tana shafukan farko, cikin jerin ma'anoni da mutane kan tsallake. Abin da ke tayar da sharaɗin yana tsakiya. Abin da banki zai iya yi in sharaɗin ya tashi yana wani sashe dabam a gaba. Sai ka haɗa ukun kafin ka ga hoton. Wanda takardarsa take a kwamfuta ko waya, ya rubuta `cross default` a wurin bincike, in bai samu ba ya gwada `Events of Default` da `indebtedness`, domin wasu takardun ba sa ba sharaɗin kanun kansa.

Mu fara da ma'anar bashi, domin a nan 'yan kwamiti suka fi shan mamaki. A wurinsu bashi shi ne kuɗin da ka je banki ka ranto. A takardar kuwa, bashi ya haɗa da duk kuɗin da aka ranta a wurin kowa, da kayan da aka karɓa a kan haya mai ƙarewa da mallaka ko biya kashi-kashi, da duk tsayawar da ƙungiya ta yi wa bashin wani. Da wannan ma'ana, mota bashi ce, tsayawar da aka yi wa ƙaramin rukuni ma bashi ce. Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da ƙungiyoyin gama-kai: ajiyar mambobi. Kuɗin da mamba ya ajiye da sharaɗin zai karɓa a rana kaza, kuɗi ne da ƙungiya take riƙe da shi a matsayin abin biya. Idan ma'anar bashi ta faɗaɗa har ta ce duk wata mu'amala da ke da tasirin rance, kuma ba a cire ajiyar mambobi a fili ba, to lauyan banki yana da abin kamawa ranar da ƙungiya ta jinkirta wa wani mamba ajiyarsa. Takardun rance galibi an tsara su ne da kamfanoni a zuciya, kamfani kuwa ba shi da mambobi masu ajiya, shi ya sa ba a cika tunawa da wannan ba sai an tambaya.

Sai abin da ke tayar da sharaɗin. Tsarin da aka fi gani, wanda ya yaɗu ta hanyar samfurin takardun ƙungiyar masu ba da rance ta LMA da aka kafa a Landan a 1996, yana da ƙofofi huɗu. Ta farko: wani bashi ya kai ranar biya ba a biya ba, kuma kwanakin sassaucin da aka ba shi tun asali sun ƙare. Ta biyu: wani mai bin bashi ya kira kuɗinsa gaba ɗaya kafin wa'adi saboda an saɓa masa. Ta uku: wani mai ba da rance ya soke ko ya dakatar da kuɗin da ya yi alƙawarin bayarwa saboda saɓawa. Ta huɗu: wani mai bin bashi ya sami ikon kiran kuɗinsa kafin wa'adi, ko da bai kira ba.

Ƙofa ta huɗu ita ce mafi faɗi, kuma ita ce mutane ba sa ganewa a karatun farko. Ba ta jiran kowa ya yi komai. Ba sai kamfanin mota ya rubuto wasiƙa ba, ba sai ya yi fushi ba, ba sai ma ya lura ba. Ya isa a ce takardarsa ta ba shi dama. Ma'aji ya ciro takardar motar ya duba. Ta ba da kwana bakwai na sassauci bayan ranar biya, ta kuma ce in aka rasa biya sau biyu, kamfani yana da ikon neman dukan ragowar kuɗin ya kuma ɗauke motarsa. Ba ta ce komai ba game da riƙe kuɗi saboda rigimar gyara. Hasali ma ta ce a biya ba tare da cire komai ba ko da akwai saɓani. Ke nan tun rana ta takwas bayan ranar biya a watan farko ƙungiya ta faɗa ƙofar farko, a wata na biyu kuma ta faɗa ta huɗu. Duk tsawon lokacin nan tana biyan banki miliyan ɗinsa da kuɗin ruwansa a kan kari, tana ganin lafiya lau.

Wuri na uku shi ne ikon banki. Takardar ta ce da zarar saɓawa ta faru tana kuma gudana, banki yana iya rubuto sanarwa ya soke ragowar kuɗin da bai bayar ba, ya ce duk abin da yake bi a biya shi nan take, ya ci tarar ƙungiya da ƙarin kuɗin ruwa, ya cire abin da yake bi daga duk wani asusun ƙungiya da ke hannunsa, ya kuma taɓa jingina. Ma'aji ya zauna ya yi lissafin. Asusun yau da kullum yana da miliyan 9. Akwai wani asusu a bankin nan dai mai miliyan 6, inda ake tara ajiyar mambobi, amma da sunan ƙungiya aka buɗe shi, ba a rubuta shi a matsayin amanar wasu ba. In banki ya kwashe duka biyun, miliyan 15 ke nan, saura miliyan 27, kuma ba abin da zai biya wannan sai sayar da rumbu da injin. Ƙarin ruwan tara a takardar kashi 4 cikin ɗari ne a shekara, kuma an rubuta shi a kan dukan abin da ake bi muddin saɓawa tana gudana: a kan miliyan 42 ya kama miliyan ɗaya da dubu 680 a shekara, dubu 140 kowane wata. Ga miliyan 20 na sayen kaya da ba za su fito ba, alhali mambobi sun riga sun dogara da cewa ƙungiya za ta sayi amfaninsu. Kuɗin da aka riƙe wa kamfanin mota bai kai kashi 2 cikin ɗari na bashin bankin ba.

Kuma abin yana iya zagayawa. In takardar motar ko ta ƙaramin banki su ma suna da irin wannan sharaɗi, motsin mai bin bashi ɗaya yana buɗe wa sauran ƙofa, kowa ya ruga ya riga ɗan'uwansa. Wannan ba a kan ƙananan ƙungiyoyi kaɗai yake faruwa ba. A watan Disamba na 2021, kamfanin gine-ginen nan na China, Evergrande, ya kasa biyan kuɗin ruwa na dala miliyan 82.5 bayan ƙarewar kwana 30 na sassauci, sai wannan gazawa ta shafi sauran takardun bashinsa na ƙasashen waje na biliyoyin daloli ta wannan hanya.

A nan ya kamata a yi wa banki adalci. Ba mugunta ce ta sa ake rubuta sharaɗin ba. Bankin da ya ba da rancen shekara biyar yana tsoron wani mai bin ƙaramin bashi ya riga shi, ya kai ƙara ya kwashe abin da ke asusu, shi kuwa yana zaune hannunsa a ɗaure saboda ranar biyansa ba ta zo ba. Yana son in za a zauna rabon abin da ya rage, a zauna da shi. Kuma gazawa a ƙaramin bashi sau da yawa ita ce alamar farko cewa kuɗi sun fara ƙarewa. Wannan hujja ce mai ƙarfi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ba ƙungiyar mutane masu aikin sa-kai sharaɗin a mafi faɗin sigarsa, ba iyaka ba togiya, alhali manyan kamfanoni masu lauyoyi ba sa karɓarsa haka. Gaskiya ne kuma cewa bankuna ba su cika kiran babban rance mai tafiya lafiya saboda ƙaramar rigima ba, domin sayar da jingina asara ce da wahala a gare su. Amma ikon yana nan a hannunsu, kuma ranar da suke son ƙara kuɗin ruwa, ko neman ƙarin jingina, ko janye jiki daga wani fanni gaba ɗaya, wannan ikon ne suke ɗorawa a kan tebur.

Ma'aji ya kai maganar gaban kwamiti, aka kuwa rabu biyu.

Shugaba ya ce, "Malam Ma'aji, bankin nan bai san da maganar mota ba. Mu biya mutanen nan dubu 800 ɗinsu gobe, mu sa hannu a fom, shi ke nan. Me zai sa mu kai kanmu ƙara?"

Ma'aji ya ce, "Ranka ya daɗe, biyan za mu yi, wannan ba gardama. Amma ka duba shafi na shida. Sun ce saɓawa tana ci gaba da gudana har sai banki ya yafe ta a rubuce. Ba su ce har sai an gyara ba. In muka sa hannu a fom ɗin nan, ni da kai mun shaida abin da ba haka yake ba."

Wannan ita ce gaɓar da ta fi kowace muhimmanci a labarin. Takardun rance iri biyu ne a wannan wuri. Wasu suna cewa saɓawa tana gudana matuƙar ba a gyara ta ba ko ba a yafe ta ba. A irin waɗannan, in ka biya abin da ake bin ka kafin banki ya ɗauki mataki, saɓawar ta mutu. Wasu kuwa suna cewa tana gudana matuƙar ba a yafe ta ba, ba maganar gyara. A irin waɗannan, ko ka biya kamfanin mota har da tukwici, banki yana riƙe da ikonsa sai ranar da ya rubuta cewa ya ɗaga ƙafa. Bambancin kalma biyu ne a shafin ma'anoni, kuma ta ƙungiyar nan irin ta biyu ce.

Shawarar yin shiru tana da wasu ramuka biyu. Takardar ta wajabta wa ƙungiya sanar da banki da zarar ta san an sami saɓawa, don haka yin shiru saɓawa ce ta biyu. Sa hannu a fom a kan cewa babu komai kuwa ba da bayanin da ba gaskiya ba ne, saɓawa ta uku, wadda ta fi sauran muni domin ta taɓa amana, kuma dangane da dokar ƙasa tana iya komawa kan masu sa hannun su kansu. Kada kuma a ce ai banki ya ci gaba da karɓar biya bai ce uffan ba. Kusan kowace takardar rance tana da sashen da ke cewa jinkirin banki wajen amfani da haƙƙinsa ba ya nufin ya yafe shi. Maganar ba za ta ɓoyu ba ma, domin mai binciken kuɗi zai rubuta wa kamfanin mota ya tabbatar da abin da yake bi, kuma rahotonsa banki ake kai wa.

Wata daga cikin kwamitin ta tambaya ko ba za a iya cewa ba a karanta musu sharaɗin ba. Lauyan da suka tuntuɓa bai ba su ƙwarin gwiwa ba. A ƙasashen da ke bin tsarin shari'a irin na Ingila, ƙa'idar da aka sani tun shari'ar L'Estrange da Graucob ta 1934 ita ce wanda ya sa hannu a takardar yarjejeniya ta hau kansa ko ya karanta ko bai karanta ba, sai fa in an yaudare shi ko an yi masa ƙarya game da abin da ke ciki. Dokokin kare masu sayayya da ke sassauta wannan galibi mutum ɗaya mai mu'amala don kansa suke karewa, ƙungiya mai rajista da ta ci rancen kasuwanci kuwa a matsayin 'yar kasuwa ake kallonta.

Akwai kuma matsin lokaci. Saura mako shida shekarar lissafin ƙungiyar ta ƙare. A ƙa'idojin lissafin kuɗi na duniya, IFRS, in aka saɓa sharaɗin rance har ya zama mai ba da rance yana iya neman kuɗinsa kowane lokaci, kuma ba a sami yafiyarsa ba kafin ranar rufe shekara, dole a rubuta rancen gaba ɗaya cikin basussukan da ake biya nan kusa, ko da an sami yafiyar bayan ranar. Ga ƙungiyar da ke bin waɗannan ƙa'idoji, hakan na nufin maimakon miliyan 12 na shekara mai zuwa, miliyan arba'in da wani abu ne za su bayyana a matsayin bashin gaggawa a rahoton da za a karanta wa mambobi a babban taron shekara. Ƙungiyar da ke riƙe da ajiyar mutane ba ta jure irin wannan labari. In mambobi suka tsorata suka yi layin karɓar ajiyarsu, abin da ake gudu ya faru ko banki bai motsa ba.

Ga yadda suka bi da lamarin, kuma jerin yana da muhimmanci. Da farko ba a sa hannu a fom ba. Washegari aka biya kamfanin mota dubu 800 da tarar jinkiri, tare da wasiƙa da ke cewa biyan bai soke ƙorafin ƙungiya a kan gyara ba, za a ci gaba da binsa dabam. Aka nemi kamfanin ya rubuta cewa ba ya bin komai na baya, kuma ya janye duk wani iko na kiran ragowar kuɗin da ya samu saboda jinkirin. Wannan wasiƙa ta biyu ita ce ke rufe ƙofa ta huɗu; rasidin biya kaɗai ba ya rufe ta. Aka tuntuɓi ƙaramin banki aka tabbatar rukunin da aka tsaya wa yana biya daidai. Sai da waɗannan takardu suka haɗu a hannu sannan aka rubuta wa banki: ga abin da ya faru, ga ranakun, ga dalili, ga shaidar an gyara, muna neman yafiya a rubuce. Zuwa wurin banki da matsalar da aka riga aka warware dabam yake da zuwa da matsalar da ke ci. Amma wannan tattara takardu na kwanaki ne kawai, ba na watanni ba, domin wajibcin sanarwa yana cewa a gaggauta.

A wasiƙar dai suka nemi a gyara sharaɗin, a kan cewa tunda za a buɗe takardar, a buɗe ta sau ɗaya. Abu na farko da suka nema shi ne iyaka, wato adadin da in bashin da aka gaza bai kai shi ba, sharaɗin ba zai tashi ba. Manajan da ke kula da asusunsu ya ce za a iya sa miliyan 2. Shugaba ya ji daɗi, tunda dubu 800 ba su kai ba. Ma'aji ne ya sake karanta lafazin ya ga cewa abin da ake aunawa shi ne jimlar bashin da ya faɗa ɗaya daga cikin ƙofofin huɗu. A ƙofar farko, abin da ba a biya ba ne ake ƙirgawa, dubu 800. A ƙofa ta huɗu kuwa, dukan bashin da mai shi ya sami ikon kira ne ake ƙirgawa, miliyan 4 da dubu 800. Da iyakar miliyan 2, rigimar mota za ta sake tayar da sharaɗin kamar ba a yi komai ba. Iyakar da za ta yi amfani sai ta haura girman ƙananan basussukan ƙungiya gaba ɗayansu, ba girman biyan wata-wata ba. Aka tsaya a miliyan 5. Ko wannan ma yana da gibi, domin jimla ake yi: in mota da tsayawar miliyan 3 suka sami matsala lokaci ɗaya, an kai miliyan 7 da dubu 800, an haura.

Sun nemi a cire ƙofa ta huɗu baki ɗaya, a bar sharaɗin ya tashi kawai in wani mai bin bashi ya kira kuɗinsa da gaske. Wannan ita ce sassaucar sigar da masu ƙarfin ciniki kan samu, kuma banki ya ƙi. Ya dai yarda da togiya ɗaya: bashin da ƙungiya take jayayya a kansa da gaskiya, ta sanar da banki, ta kuma ware kuɗinsa a gefe, ba za a ƙirga shi ba har tsawon kwana 60. Ya yarda a rubuta cewa ajiyar mambobi da hannun jarinsu ba sa cikin ma'anar bashi. Ya ƙi canja ma'anar saɓawa mai gudana.

Yafiyar ta fito kafin rufe shekara, amma ba kyauta ba. An caje su rabin kashi ɗaya cikin ɗari na ragowar rancen, dubu 210, ban da kuɗin lauyan banki da aka ɗora musu. Miliyan 20 na sayen kaya sun makara mako biyar, wasu mambobi suka gaji da jira suka sayar wa 'yan kasuwa. Banki ya ƙara musu da sharaɗin kawo rahoton dukan basussuka duk wata uku. Yafiyar kuma ta wannan saɓawa ce kaɗai, an rubuta ta da ranakunta. In aka sake, sabon lissafi ne.

Wannan rahoton na wata uku ne ya tilasta wa ma'aji yin abin da tun farko ya kamata a ce akwai shi: takarda ɗaya da ta jera duk abin da yarjejeniyar banki take kira bashi, ba abin da kwamiti yake kira bashi ba. Kowane layi yana ɗauke da mai bin bashin, ragowar kuɗi, ranar biya, kwanakin sassauci, abin da ke ba shi ikon kiran kuɗinsa, da ko takardarsa ita ma tana ɗaure da sauran. Kwamiti ya zartar cewa ba wanda zai dakatar da biyan wani abu da ke cikin wannan jeri, komai rigimar da ake yi, sai an kawo maganar taro an duba ta da takardar banki a buɗe. Aka kuma kwashe ajiyar mambobi zuwa wani banki da ba ya bin ƙungiya komai, bayan an tabbatar yarjejeniyar ba ta hana hakan ba, domin wasu takardun suna wajabta a ajiye dukan kuɗi a bankin da ya ba da rance.

Layin da ya fi damun ma'aji a jerin shi ne na tsayawar miliyan 3, domin shi kaɗai ne biyansa ba ya hannun ƙungiya. In rukunin ya yi fashi, ƙaramin banki zai juyo kan ƙungiya, kuma takardar tsayawar ta ce a biya cikin kwana 14 da samun wasiƙar nema. Adireshin da aka rubuta a takardar na tsohon ofishin ƙungiya ne, wanda aka bari tun da aka gina rumbu. Wasiƙa tana iya isa can, kwanakin su ƙare, ba wanda ya gani. Aka rubuta wa ƙaramin bankin aka sauya adireshin, aka kuma nemi ya riƙa aiko wa ma'aji kwafin bayanin asusun rukunin kowane wata.